Auta, ga abin da ake nufi da yunit, GPA da kari-oba

Yaya, barka da war haka. Mako biyu ke nan da muka fara lakca a Jami'ar Legas da ke Akoka, kuma kaina ya ɗaure. Kowane malami ya shigo sai ya ce kwas ɗinsa yunit kaza ne, CA kaza ne, wanda ya yi wasa zai kwashi kari-oba, CGPA ɗinsa ya lalace. Wata malama ma ta ce nata firirikwizit ne. Ina jin kunyar tambaya a aji don kowa gyaɗa kai yake yi. Don Allah ka warware mini, kuma ka faɗa mini wanne zan fi sa wa ido.

Auta,

Na ga saƙonki, kuma na ji daɗi da kika tambaya tun yanzu, tun ba a yi tes ko ɗaya ba. Masu gyaɗa kan nan da yawansu sai sakamakon semestar farko ya fito suke gane abin da aka faɗa musu, a lokacin kuwa alƙalami ya riga ya bushe. Kalmomin da suka dame ki duk 'yan gida ɗaya ne. Lissafi ɗaya suke bayyanawa, lissafin da za a yi ta yi miki tun daga wannan semestar har ranar da za ki karɓi shaidar digiri. In kin gane yunit, sauran za su biyo baya da kansu, don haka daga nan zan fara.

Yunit, wasu malaman su ce kiredit, nauyin kwas ne. A ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, yunit ɗaya shi ne awa ɗaya ta lakca a kowane mako har tsawon semesta, wato kimanin mako 15. Kwas mai yunit 3 ke nan awa uku ne a mako, awa 45 a semesta. Aikin ɗakin gwaji lissafinsa daban ne, awa uku ake ƙirgawa a matsayin yunit ɗaya. Shi ya sa za ki wuni a tsaye da farar riga kina ɗiga ruwa cikin kwalba, ki koma ki rubuta rahoto shafi biyar, amma a fom ki tarar yunit 1 aka rubuta a gabansa. Ba kuskure aka yi ba.

Abin da ya sa nauyin nan yake da muhimmanci shi ne da shi ake ninka sakamakonki. Kin san yadda Baba yake lissafin ciniki a kasuwar Mil 12: ribar naira ɗari a kan kowane buhu cikin buhu uku ba ɗaya take da ribar naira ɗari a buhu guda ba, haka ma asara. To kwas mai yunit 3 buhu uku ne. In kin ci, kin ci sau uku, in kin faɗi, kin faɗi sau uku. Saboda haka abu na farko da nake so ki yi a daren nan shi ne ki ɗauko fom ɗin rajistarki, ki ja layi ƙarƙashin duk kwas mai yunit 3 ko sama. Su ne za ki ba wa mafi kyawun lokacinki, lokacin da kanki yake a sake, ba bayan kin sha go-sulon Oshodi ba.

A fom ɗin nan za ki ga kowane kwas da lambarsa, kamar CHM 101 ko MTH 102. Haruffan suna nuna sashen da kwas ɗin ya fito, lambar farko tana nuna aji, 1 ajin farko, 2 aji na biyu. A yawancin jami'o'inmu lambar ƙarshe ita ma tana magana: in mara ce, kamar 101 ko 107, kwas ɗin na semestar farko ne, in cika ce, kamar 102, na semesta ta biyu ne. Ki riƙe wannan, zai dawo idan mun zo kan kari-oba. Kusa da yunit kuma akwai wani gurbi da ake sa harafi ɗaya. C kwamfalsari ne, wato na dole, sai kin yi shi kuma sai kin ci kafin ki gama. E ilektib ne, wato na zaɓi. Wasu takardun suna da R, kwas ɗin da sashenki ya wajabta miki ɗauka, sau da yawa daga wani sashen. Kada ki rikita C da E na wannan gurbin da C da E na sakamako, haruffan ne kawai suka zo ɗaya. Kuma kada kalmar zaɓi ta ruɗe ki. Zaɓin yana ƙarewa ne ranar da kika yi rajista. Daga nan ilektib yana shiga lissafi daidai da kowane kwas, in an faɗi shi yana jan mutum ƙasa kamar na dole.

Wani abu da zai iya ruɗa ki: a ƙarshen 2022 hukumar jami'o'i ta fitar da sabon kundin manhaja da ake kira CCMAS, wanda ya tsara kashi 70 na kwasa-kwasan kowane fanni, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da kanta. Sakamakon haka lambobi da yunit na wasu kwasa-kwasai sun canja. In wata 'yar ajin ƙarshe ta ba ki tsohon fom ɗinta ta ce ki kwafa, ki gode mata, amma ki bi abin da sashenki ya liƙa a bana.

Yanzu ga maki. Kowane kwas maki 100 ne, an raba shi gida biyu. CA shi ne duk abin da aka auna ki da shi kafin babbar jarrabawa: tes, aikin gida, rahoton gwaji, wani lokacin har da halartar aji. Yawanci maki 30 ne ko 40, sauran 70 ko 60 na jarrabawa. Kowane malami yana faɗin yadda ya raba nasa a lakcar farko ko ta biyu, sau ɗaya kuma yake faɗa. Ki rubuta a shafin farko na littafin kwas ɗin: tes nawa, kowanne maki nawa, a wane mako.

Na san 'yan aji suna raina CA, suna cewa ai jarrabawa ce mai yawa. Duba lissafin da kanki. A ce CA maki 30 ne. Wadda ta tara 24 tana buƙatar 16 kacal cikin 70 ta tsira, 46 kuma su kai ta A. Wadda ta tara 8 sai ta samo 32 kafin ta tsallake faɗuwa, A kuwa sai ta ci 62 cikin 70, abin da ba kasafai ake gani ba a lissafi ko kimiyyar sinadarai na ajin farko. Makin CA ya fi na jarrabawa araha, domin tes yana zuwa ne a kan darasin mako huɗu ko biyar, jarrabawa kuwa a kan na mako goma sha biyar gaba ɗaya. Wanda ya rasa tes mai maki 20 saboda an sanar a rukunin aji yana can bai duba waya ba, daga 80 ya fara lissafi, kuma ba kowane malami yake yarda a rama ba. Wannan ya shafe ki kai tsaye, tunda daga Agege kike tasowa. Ranar da aka sa tes da ƙarfe takwas, ki ɗauka daga sallar asuba sai hanya, ko ki roƙi Umma ta bar ki ki kwana wajen wata ƙawa a ɗakin kwanan ɗalibai. Akwai kuma dokar halarta. Jami'o'i da yawa suna cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 na lakcoci kafin ya zauna jarrabawa, wasu ƙasa da haka kaɗan, adadin naku yana cikin littafin dokokin ɗalibai. In 75 ne, kwas mai awa 45 awa 11 kawai ya bar miki, ta rashin lafiya da ta ruwan sama da ta biki duka a ciki. Mai yunit 2 kuwa awa 7. In aka sa muku gwaji ranar Juma'a a lokacin da bai yi muku ba, ku je wurin malamin tun makon farko ku nemi a sauya muku rukuni, kada ku bari sai an yi rabin semesta.

Idan an haɗa CA da jarrabawa, makin yana komawa harafi, shi ne giredi, kowane harafi kuma yana da daraja, ita ce foyin. A ma'aunin biyar da yawancin jami'o'in Najeriya suke bi, 70 zuwa 100 A ne, foyin 5. Daga 60 zuwa 69 B, foyin 4. Daga 50 zuwa 59 C, foyin 3. Daga 45 zuwa 49 D, foyin 2. Daga 40 zuwa 44 E, foyin 1. Ƙasa da 40 F ne, babu ko ɗaya. Ki lura da abu biyu a nan. Na farko, 70 da 95 duk foyin 5 ne, haka 60 da 69 duk 4 ne, don haka maki ɗaya a bakin iyaka ya fi maki tara a tsakiya amfani. Na biyu, matakalan ƙasa gajeru ne: tsakanin 39 da 50 maki goma sha ɗaya ne kawai, amma foyin uku ke tsakaninsu. Ɗan ƙoƙari a kwas ɗin da kike da rauni ya fi biyan ki a kan ƙoƙari mai yawa a wanda kika riga kika iya.

GPA shi ne matsakaicin foyin na semesta ɗaya, bayan an auna kowane kwas da nauyinsa. Ana ninka foyin da yunit a kowane kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista. Bari mu yi shi da misali. Yunit ɗin da na sa a nan na misali ne, ki musanya su da na fom ɗinki. A ce wata ɗaliba ta ɗauki kwas takwas, yunit 18, ga abin da ta samu:

MTH 101, yunit 3, maki 38, F: 3 × 0 = 0
CHM 101, yunit 3, maki 62, B: 3 × 4 = 12
PHY 101, yunit 3, maki 51, C: 3 × 3 = 9
BIO 101, yunit 3, maki 71, A: 3 × 5 = 15
GST 111, yunit 2, maki 66, B: 2 × 4 = 8
COS 101, yunit 2, maki 59, C: 2 × 3 = 6
CHM 107, yunit 1, maki 75, A: 1 × 5 = 5
PHY 107, yunit 1, maki 70, A: 1 × 5 = 5

Jimilla 60. A raba da 18, GPA ɗinta 3.33.

Wannan yarinyar tana da A uku da B biyu. In ta kawo takardar gida, duk wanda ya gani zai ce ta yi ƙoƙari. Ita kanta in ta tara foyin kawai ta raba da takwas, kamar yadda sababbin ɗalibai suke yi, za ta samu 3.63 ta yi murna, amma wannan lissafin kuskure ne domin ya daidaita kwas mai yunit 1 da mai yunit 3. Biyu daga cikin A ɗinta a ƙananan kwasa-kwasai suka faɗo, su biyun a haɗe foyin 10 suka kawo, ba su kai B guda na CHM 101 ba. Kuma yunit ukun da ta faɗi ba a cire su daga ƙasan lissafi ba. Da 18 aka raba, ba da 15 ba. Nan ne ciwon F yake: bai kawo komai a sama ba, amma ya zauna a ƙasa da cikakken nauyinsa.

Yanzu ki ƙara mata maki biyu kacal a MTH 101, ta samu 40. E ne, foyin 1, sau uku 3. Jimilla ta zama 63, a raba da 18, 3.50 cif. Maki biyu, wataƙila aikin gida ɗaya da ba ta miƙa ba, sun raba 3.33 da 3.50, kuma sun raba mai kari-oba da marar shi. Da ta kai 50 a wannan kwas ɗin, jimilla 69 ce, GPA 3.83. Shi ma 59 ɗin nan na COS 101, da maki ɗaya ya ƙaru, foyin biyu ne a jimilla. Ban kawo wannan don ki riƙa bin malamai kina roƙon maki ba, wannan hanya ce da ba na so ki ko leƙa. Na kawo ne don ki ga inda ake asarar makin tun farko, a ƙananan abubuwan da ake rainawa cikin semesta.

Me ya sa 3.50 take da muhimmanci? Domin da CGPA ake yanke darajar digiri. CGPA lissafin nan ne dai, sai dai na duk semestocin da aka yi a haɗe: duk foyin da aka tara tun farko, a raba da duk yunit da aka yi wa rajista tun farko. A wasu takardun sakamako za ki ga TCP, jimillar foyin ke nan, da TNU, jimillar yunit. Wasu jami'o'in da wasu haruffan suke rubuta su, amma ma'anar ɗaya ce. In ɗalibar nan ta ɗauki yunit 20 a semesta ta biyu ta tara 80, GPA ɗin wannan semestar 4.00 ne, CGPA kuwa 140 a raba da 38, wato 3.68. Ba a tara GPA biyu a raba da biyu, domin nauyin semestocin ba ɗaya ba ne. A ƙarshen karatu 4.50 zuwa 5.00 shi ne fas kilas, daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, wadda ake kira tu-wan. Daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama, tu-tu. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Yawancin tallafin karatu na ƙasashen waje da manyan kamfanonin da ke ɗaukar sababbin masu digiri a nan Ikko tu-wan suke sa wa a matsayin ƙofa, kuma ba sa duba cewa 3.49 saura ƙiris ne.

Za ki ji 'yan manyan aji suna cewa ajin farko na hutawa ne, a gyara daga baya. Kada ki karɓi wannan maganar. A Birtaniya jami'o'i da yawa ba sa sa makin shekarar farko a darajar digiri, amma a Najeriya a yawancin fannoni yana ciki tun daga tes ɗin farko. Ga abin da lissafi ya nuna. A ce digirin gaba ɗaya yunit 150 ne, an yi 38 a shekarar farko, saura 112. Tu-wan yana buƙatar foyin 525. Ɗalibarmu mai 140 saura mata 385, wato matsakaicin 3.44 a sauran shekarun, abin da mai cakuɗa B da C zai iya. Wadda ta gama ajin farko da CGPA 2.50, foyin 95 ke nan, sai ta samo 430, matsakaicin 3.84, a kwasa-kwasan da suka fi na farko wuya. Fas kilas kuwa ya riga ya kuɓuce mata: ko ta ci A a kowane kwas har ta gama, 95 da 560 sun zama 655, a raba da 150, 4.37. Kuma kullum yunit ɗin ƙasa suna ƙaruwa, CGPA yana ƙara nauyin motsi. Semesta mai kyau a ajin farko tana ɗaga shi sosai, irinta a ajin ƙarshe da ƙyar take gusar da shi. A ƙasan matakalar kuma akwai furobeshan, wato gargaɗi ga wanda CGPA ɗinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'a ta sa, a wurare da yawa 1.00, a wasu sama da haka. Ana ba shi lokaci ya farfaɗo, in bai farfaɗo ba a ce ya bar sashen ko jami'ar. Ba na tsammanin za ki kusanci wurin, na faɗa ne don ki san kalmar.

Kari-oba shi ne kwas ɗin da aka faɗi, aka ɗauke shi zuwa shekara ta gaba. Ba maimaita aji ba ne kamar a sakandare. Za ki wuce aji biyu tare da 'yan ajinki, amma ki koma ki zauna da sababbin ɗalibai a wannan kwas ɗin guda, ki sake CA, ki sake jarrabawa. Tunda MTH 101 na semestar farko ne, ba a koyar da shi a ta biyu, sai shekara ta zagayo. Abin da mutane ba su sani ba shi ne a yawancin jami'o'inmu sabon sakamako ba ya goge tsohon. F ɗin yana nan a lissafi, sabon ya zo ya zauna kusa da shi. Ɗalibarmu in ta sake MTH 101 ta ci A, ta samu foyin 15, amma a kan yunit 6, uku na bara da uku na bana. Matsakaicinsa 2.5, tsakanin D da C. Wadda ta samu C a zaman farko tana da 3.0, ta fi ta, kuma ba ta ɓata shekara tana ɗauke da kaya ba. Shi ya sa nake ce miki C ta farko ta fi A ta biyu, kuma in jarrabawa ta matso lokaci ya yi miki kaɗan, ki fara ceto kwas mai nauyi da ke bakin faɗuwa kafin ki je ƙawata wanda kika riga kika ci.

Ɓarnar kari-oba ba a CGPA kaɗai ta tsaya ba. Akwai iyakar yunit da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a semesta, ƙa'idar hukumar jami'o'i ita ce daga 15 zuwa 24, kuma doka ce a fara sa kari-oba a fom kafin sababbin kwasa-kwasai. In semestar farko ta aji biyu yunit 22 ce, aka ɗora uku, an kai 25, an haura iyaka. Dole a ajiye kwas guda na aji biyu, shi kuma ya koma aji uku ya ture wani. Ga kuma karon jadawali, domin masu tsara lokutan aji biyu ba su yi la'akari da mai komawa ajin farko ba, sai ki ga lakca biyu sun faɗo a awa ɗaya, ɗaya a wannan tsangayar ɗaya a waccan.

Nan ne maganar malamarku ta shigo. Firirikwizit kwas ne da sai an ci shi ake yarda a ɗauki wani da aka gina a kansa. In MTH 101 sharaɗi ne ga wani kwas na aji biyu, wadda ta faɗi shi ba za ta yi rajistar na aji biyun ba a bana, sai baɗi. In shi ma na aji biyun sharaɗi ne ga na aji uku, jerin gaba ɗaya ya ja baya da shekara guda. Ta haka ne faɗuwa ɗaya a ajin farko take zama sifil-oba, wato ƙarin semesta ko shekara bayan 'yan ajin mutum sun gama sun tafi bautar ƙasa, da ƙarin kuɗin makaranta da na mota. Malamar da ta ce muku kwas ɗinta firirikwizit ne ta yi muku alheri. Ki buɗe littafin sashenku, inda aka jera kwasa-kwasan aji biyu da na uku, ki duba a gaban kowanne wane kwas aka sa masa sharaɗi. Duk lambar da ta fara da 1 da kika ga tana maimaituwa a wurin, ki ja mata layi biyu. Amsar tambayarki ta ƙarshe ke nan: kwas mai yunit 3, na dole, wanda kuma sharaɗi ne ga wani, shi ne wanda za ki fi sa wa ido, ko da kuwa shi ne wanda ba kya so.

Akwai F ɗin da ba rashin karatu yake kawo shi ba, takarda ce take kawo shi, kuma shi ya fi ba ni takaici domin ana iya kauce masa cikin minti goma. Kwas ɗin da kika yi wa rajista a fotal, kika daina zuwa ba ki cire shi ba, zai fito miki da F ko alamar rashin halarta, a lissafa shi sifili. Kwas ɗin da kika halarta, kika yi jarrabawarsa, amma babu shi a fom ɗinki, sakamakonsa ba shi da gurbin zama. Ana ba da ɗan lokaci a farkon semesta na ƙarawa da cirewa, da zarar an rufe, gyara sai da takardar roƙo da yawo ofis-ofis. Kafin a rufe, ki kai fom ɗinki wurin malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, wanda ake kira kwas adbaiza, ya duba ya sa hannu. Ki duba lambar kowane kwas harafi-harafi, domin 101 da 103 ko 107 a ido kusan ɗaya suke a ƙaramin allon waya, kuma in a shagon kwamfuta aka cike miki, kada ki tashi sai kin karanta da kanki. Ki buga kwafi biyu, ɗaya a jakarki ɗaya a akwatin Umma.

A ɗakin jarrabawa da na tes kuma, ki rubuta lambar matirik ɗinki cikakkiya a kan kowace takarda, har da ƙarin takardar da kika karɓa, ki sa hannu a takardar halarta lokacin shiga da lokacin miƙawa in ana yin biyun. In sakamako ya fito babu naki a wani kwas, wannan sa hannun shi ne hujjar cewa kin zauna. Ki rubuta takardar koke ga shugaban sashe ta hannun kwas adbaiza a makon da sakamakon ya fito, ki haɗa da kwafin fom ɗinki, ki riƙe kwafin koken da aka buga wa hatimi. Takardun tes da aka dawo muku da su ma ki adana har semestar ta wuce, domin in aka shigar da CA ɗinki 4 alhali 24 ne, takardar ce kawai za ta yi magana.

Kin taɓa ce mini kina son ki biyo ni nan in kin gama, to ki san kalmomin nan suna canja ma'ana in an tsallaka. A nan Jamus da sauran ƙasashen Turai masu bin tsarin ECTS, kiredit 60 ne shekara guda, kowane ɗaya yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi yake yi shi kaɗai a ɗaki, ba zaman aji kawai ba. Giredi kuma a nan Jamus a juye yake: 1.0 shi ne mafi kyau, 4.0 iyakar ci, 5.0 faɗuwa. Wanda ya ce yana da 4.5 a Ikko gwani ne, a nan kuwa bai ci ba. In lokacin neman gurbi ya zo, cikakkiyar takardar sakamako suke karɓa, mai ɗauke da kowane kwas da yunit ɗinsa da giredinsa tun daga semestar da kike ciki yanzu, su juya ta zuwa nasu ma'aunin.

Ki turo mini hoton fom ɗinki da shafin littafin sashenku da aka rubuta ma'aunin giredi da dokar halarta, in duba ko akwai inda naku ya bambanta da abin da na rubuta, sannan mu fitar da kwasa-kwasan da za a ja wa layi biyu kafin a rufe rajista. Ki gaishe mini da Baba da Umma, ki ce wa Umma sanyin bana da sauƙi.

Yayanki